Inda fomula ta sauya fuska, nan ake yanka lissafi

A ba ɗalibi wannan lissafi: ya yi intigireshan na |x − 2| daga 0 zuwa 5. In an tattara takardun aji guda, amsoshi biyu ne za su fi yawa, wasu sun samu 2.5, wasu sun samu 6.5. Duka ɓangarorin sun iya tarawa da debewa, ba wanda ya yi kuskuren alƙaluma. Abin da ya raba su mataki ɗaya ne, wanda ake ɗauka tun kafin a fara lissafin kansa: masu 6.5 sun tsaya sun duba wurin da fomular ta sauya hali, suka yanka tazarar a nan, masu 2.5 kuwa suka bi ta kai suka wuce.

Ga wanda ya daɗe da barin aji, intigireshan hanya ce ta tara abin da ke sauyawa a kai a kai. In aka zana fomula a matsayin layi a kan takarda, intigireshan daga wuri kaza zuwa wuri kaza shi ne girman filin da ke tsakanin layin da aka zana da layin sifili, wato layin nan na kwance. Alamarsa ∫ ta fito ne daga hannun Leibniz a shekarar 1675, doguwar S ce mai nufin jimla. Sai dai akwai sharaɗi guda da ake yawan mantawa da shi. Filin da ke saman layin sifili tara shi ake yi, wanda ke ƙasa kuwa debe shi ake yi. Don haka fili na sama da na ƙasa suna iya cinye juna.

Sanduna biyun nan kuma, waɗanda Karl Weierstrass ya shigo da su a 1841, aikinsu shi ne cire wa lamba alamar debewa. |3| shi ne 3, |−3| ma 3 ne. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, duk fomular da aka sa a cikin sandunan nan ta zama fomula biyu a rubutu ɗaya. Muddin x − 2 na sama da sifili, sandunan ba su da aiki, ana barin sa yadda yake. Da zarar ya faɗa ƙasa da sifili, sai su juya shi ya koma 2 − x. Iyakar da ke tsakanin halayen biyu ita ce x = 2, inda abin da ke ciki ya zama sifili daidai.

```
|x − 2| = 2 − x   idan x ≤ 2
|x − 2| = x − 2   idan x ≥ 2
```

Da an rubuta shi haka, aiki ya zo da sauƙi. Daga 0 zuwa 2 a yi lissafi da 2 − x, a samu 2. Daga 2 zuwa 5 a yi da x − 2, a samu 4.5. A haɗa, 6.5 ke nan. Wanda ma bai san kalkulas ba zai iya tabbatar da wannan da zane, domin siffar |x − 2| kamar harafin V take, tsininta na taɓa layin sifili a kan 2. Ta hagu akwai alwatika mai gindi 2 da tsayi 2, filinta 2. Ta dama akwai wata mai gindi 3 da tsayi 3, filinta 4.5. To masu 2.5 fa? Su sun yi lissafin x − 2 ne daga farko har ƙarshe kamar ba sanduna, da niyyar su cire alamar debewa daga amsar ƙarshe. A hanya ƙaramar alwatikar ta shiga a matsayin bashi, ta ci 2 daga cikin 4.5. Kafin su zo sa sandunan, ɓarnar ta riga ta auku, kuma amsar ba ta da wata alamar debewa da za ta tona asirin kuskuren.

Me ya halatta yankan? Dalilin ba shi da zurfi, amma shi ne ginshiƙin komai a nan: fili daga a zuwa c daidai yake da fili daga a zuwa b, a tara da fili daga b zuwa c. Kamar gona ce da aka ja wa kunya a tsakiya, an auna gabas daban, yamma daban, jimlarsu ita ce gonar, kuma a ko'ina aka ja kunyar haka zancen yake. Saboda haka mai lissafi yana da izinin yanka tazara a duk inda ya ga dama. Gwaninta tana wajen zaɓar wurin da yankan zai bar kowane yanki da fomula guda tak, wadda ba sanduna a jikinta.

Bambancin amsoshin nan biyu ya fi fitowa fili a lissafin tafiya. A ɗauka wani mai keke yana kan miƙaƙƙiyar hanya, saurinsa a kowane lokaci t, da awa ake ƙirga shi, yana bin wannan fomula, a kilomita cikin awa:

```
v(t) = 3t² − 12t + 9,   0 ≤ t ≤ 4
```

In v na sama da sifili gaba yake yi, in yana ƙasa da sifili ya juyo baya. Tambayar ita ce, kilomita nawa tayarsa ta ci a cikin awa huɗun? Taya ba ruwanta da gaba ko baya, duk juyin da ta yi tafiya ce. Ke nan abin da za a tara shi ne |v(t)|.

Matakin farko shi ne neman lokutan da ya tsaya cak, domin ba ya juyawa sai ya tsaya. Fomular tana rabuwa ta zama 3(t − 1)(t − 3), don haka sifili ce a t = 1 da t = 3. Dukansu suna cikin tazararmu, sun raba ta gida uku: 0 zuwa 1, 1 zuwa 3, 3 zuwa 4. Mataki na biyu shi ne wanda ɗalibai ke raina wa, alhali shi ke hana faɗawa rami: a ɗauki lamba ɗaya daga cikin kowane gida a gwada. A t = 0.5, v ya ba da 3.75, gaba ke nan. A t = 2 ya ba da −3, baya. A t = 3.5 ya sake ba da 3.75, gaba. Yanzu an san cewa gidan tsakiya ne kaɗai ake juya wa alama.

Mataki na uku, a nemo fomular da ke ba da matsayinsa a kan hanya, wato wadda saurin sauyawarta shi ne v. Mu kira ta F. A nan F(t) = t³ − 6t² + 9t. Ba sai an yi dogon aiki sau uku ba, a lissafa F a wurare huɗun da suka zama iyakoki kawai:

```
F(0) = 0    F(1) = 4    F(3) = 0    F(4) = 4
```

Labarin tafiyar duka yana cikin layin nan. A awar farko ya yi kilomita 4 gaba. A awa biyun da suka biyo ya dawo da baya kilomita 4, har inda ya tashi. A awar ƙarshe ya sake yin 4 gaba. Tayarsa ta ci 4 + 4 + 4, kilomita 12. Wanda bai yanka ba zai debe F(0) daga F(4) ya samu 4. Ba a ce 4 ƙarya ce ba, amsar wata tambaya ce daban, wato nisan da ke tsakanin inda ya tashi da inda ya ƙare. Da a awa uku aka tsayar da agogo, wannan hanya sifili za ta bayar ga mutumin da ya tuƙa kilomita 8 yana gumi. A ganina malamin da ya nuna wa ɗalibai wannan sifilin sau ɗaya ya fi wanda ya maimaita musu doka sau goma, domin ba wanda zai yarda cewa mai keken bai motsa ba.

Gwajin alamar nan ba al'ada ce kawai ba. Ba duk inda fomula ta taɓa sifili take sauya alama ba. (x − 1)² tana sauka ta taɓa sifili a x = 1 ta koma sama, ba ta taɓa tsallakawa ƙasa. Wanda ya haddace cewa alamu na karɓa-karɓa ne, tarawa, debewa, tarawa, zai juya yankin da bai kamata a juya ba, ya fito da amsa mai alamar debewa ko wadda ta gaza. Haka kuma ba duk sifili ne ya shafe mu ba. In tazarar daga 3 zuwa 5 ce, |x − 2| ba ya bukatar yanka ko ɗaya, tunda 2 tana waje, kuma amsar 4 ce kai tsaye. Akwai kuma sandunan da ke zuwa a ɓoye. √(x²) ba x ba ne, |x| ne, domin alamar √ ba ta ba da lamba ƙasa da sifili. Intigireshan ɗinsa daga −1 zuwa 1 shi ne 1, amma wanda ya yi gaggawar share alamar ya rubuta x zai samu sifili. Hanyar gane kuskure a duk waɗannan iri ɗaya ce: in abin da ake tarawa yana cikin sanduna, kowane yanki dole ya fito sifili ko sama, kuma jimlar ba za ta taɓa gaza abin da aka samu ba tare da sanduna ba.

Sanduna dai misali ɗaya ne na wani babban iyali, wato fomulolin da ake rubutawa gida-gida, kowace tazara da dokarta. A rayuwa ma su suka fi yawa, domin abubuwa kaɗan ne ke bin doka ɗaya daga safe har dare. A ɗauki injin da ke tura ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki. A minti goman farko ƙarfinsa na hawa a hankali, daga sifili har lita 20 a minti. Daga nan ya tsaya a kan 20 har minti na 30. Sai aka ɗauke wuta, aka koma kan ƙaramin inji mai ba da lita 8 a minti, har minti na 45.

```
r(t) = 2t   idan 0 ≤ t ≤ 10
r(t) = 20   idan 10 < t ≤ 30
r(t) = 8    idan 30 < t ≤ 45
```

A nan ba a wahalar neman wurin yanka, an riga an rubuta shi a jikin fomular: 10 da 30. Gida na farko ya ba da lita 100, alwatika ce mai gindi 10 da tsayi 20. Na biyu lita 20 sau minti 20, wato 400. Na uku lita 8 sau minti 15, wato 120. Jimla lita 620.

Mai lura zai tambaya: a daidai minti na 30, saurin ruwan 20 ne ko 8? Layin ya yi tsalle a wurin, bai sauko a hankali ba. Amsar ita ce, ga intigireshan ba ta da muhimmanci. Ɗigo ɗaya ba shi da faɗi, abin da ba shi da faɗi kuwa ba shi da fili. Ko an rubuta ≤ ko an rubuta <, lita 620 na nan. Ma'anar intigireshan da Bernhard Riemann ya shimfiɗa a 1854 ta ɗauki irin wannan tsalle ba tare da matsala ba, matuƙar tsallen ƙidayayyu ne kuma tsayin layin yana da iyaka.

Inda tsallen ke cizo shi ne wajen neman fomular ruwan da ya taru a kowane lokaci. Abu ne mai sauƙi mutum ya bi gida-gida ya rubuta t² ga na farko, 20t ga na biyu, 8t ga na uku, sannan ya sa 45 a ta ƙarshe, ya sa 0 a ta farko, ya debe. Zai samu 360, ya ɓatar da lita 260 ba tare da ya san inda suka shiga ba. Dalili kuwa, dokar nan ta debe F na farko daga F na ƙarshe tana aiki ne kawai idan F ɗin ba ta tsinke a hanya ba. Saurin ruwa yana iya tsalle daga 20 zuwa 8 nan take, amma ruwan da ke cikin tanki ba ya tsalle. Abin da ke ciki daƙiƙa ɗaya kafin a ɗauke wuta, kusan shi ne ke ciki daƙiƙa ɗaya bayan haka. Don haka kowane gida sai ya fara daga inda na baya ya tsaya. Na biyu ya gaji lita 100, na uku ya gaji 500:

```
V(t) = t²                idan 0 ≤ t ≤ 10
V(t) = 100 + 20(t − 10)  idan 10 ≤ t ≤ 30
V(t) = 500 + 8(t − 30)   idan 30 ≤ t ≤ 45
```

A sa 45 a layin ƙarshe, 620 ta fito. In aka warware layin zai zama 8t + 260, ga litocin da suka ɓace ɗazu. Gwajin wannan ba ya ɗaukar minti guda: a sa lambar iyaka a fomular hagu da ta dama, in ba su ba da abu ɗaya ba, akwai gyara.

Akwai wani bambanci tsakanin iyakar sanduna da iyakar tsalle wanda ba kasafai ake faɗa a aji ba, ga shi kuwa yana da amfani ga mai aiki da awo na gaske. Wani lokaci ba a iya samun wurin yankan daidai. Ga |cos x − x|, alal misali, wurin yana kusa da 0.739, kuma ba wata fomula mai sauƙi da ke ba da shi, sai dai a yi ta kusantarsa da na'ura. Abin daɗi shi ne ɗan kuskure a nan ba ya yin ɓarna sosai, domin a kusa da wurin yankan tsayin layin kusan sifili ne, ɗan siririn yankin da aka ba wa alamar da ba tasa ba kusan ba shi da fili. A wurin tsalle kuwa ba haka ba ne. In aka yi kuskuren minti ɗaya wajen rubuta lokacin da aka ɗauke wuta, amsar ta kauce da lita 12, wato bambancin 20 da 8. Wanda ke da awo a hannu, lokutan tsallen ya kamata ya fi sa wa ido.

Yankan ma yana da inda ƙarfinsa ya ƙare. A duba 1/x² daga −1 zuwa 1. Wanda ya bi doka ido rufe zai yi amfani da −1/x ya samu −2, amsar da ba ta yiwuwa, tunda layin duka a saman sifili yake. Matsalar tana x = 0, inda layin ya harba sama ba iyaka. Yanka a wurin wajibi ne, amma a wannan karon abin da yankan ke nunawa shi ne kowane ɓangare filinsa ba shi da iyaka, lissafin ba shi da amsa ta lamba. Tsalle mai iyaka daban, hawa marar iyaka daban, kuma na biyun yana bukatar wasu dabaru da suka wuce abin da muke kai.

Wurin da wannan lissafi ke aiki kullum ba tare da an lura ba shi ne 'yar mitar gwada wuta da masu wayarin da masu gyaran rediyo ke riƙewa. Wutar da ke shigowa gida a Najeriya, mai kimanin bolt 230, gaba da baya take yi, zagaye 50 a kowace daƙiƙa, a siffar sin x. Intigireshan na sin x a zagaye guda, daga 0 zuwa 2π, sifili ne, rabin sama ya cinye rabin ƙasa. Mitar da ke ɗaukar matsakaici kai tsaye sifili za ta nuna a kan wayar da ke iya kashe mutum. Shi ya sa ake sa mata wasu 'yan na'urori masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, aikinsu ya yi daidai da na sanduna. Na |sin x| kuwa a yanka a π: rabin farko 2, rabi na biyu 2, jimla 4. A raba da tsawon zagayen, 2π, matsakaicin ya zama 2/π, kimanin 0.637 na ƙololuwa. Ƙololuwar wutar bolt 230 tana kusa da 325, don haka matsakaicin kimanin 207 ne. Mita mai araha wannan take aunawa, sai ta ninka da 1.11 ta nuna 230.

Wannan 1.11 ɗin daga siffar sin x aka ciro shi, ita kaɗai ya dace da ita. Akwai ƙananan inbata masu araha da ba sa ba da wuta mai lanƙwasa, tasu hawa-hawa ce, fomula ce ta gida-gida sak. A ɗauki mai sauƙin cikinsu: kwatan zagaye tana kan 325, kwata sifili, kwata −325, kwata sifili. Ƙarfin da take ba wa kwan fitila ko dutsen guga daidai yake da na bolt 230. Amma a sa mata sanduna a tara gida huɗun, rabin lokaci 325, rabin lokaci sifili, matsakaici 162.5. Mitar ta ninka da 1.11 kamar yadda aka gina ta, ta nuna kimanin 180. Mai gyara ya ga 180 ya ce inbata ta yi sanyi ko batir ya mutu, alhali lafiyarsu ƙalau. Mitar da aka rubuta wa True RMS a jiki ba ta dogara da wannan ninkin ba, ita ce za ta nuna kusan 230 a kan wannan inbatar.